Takardar Sallama Daga Aiki: Yadda Ake Aika Ta da Yadda Ake Adana Shaidar Isarta

Idan rigimar sallamar ma'aikaci ta kai gaban alƙali, sau da yawa tun kafin a shiga batun ko yana da laifi ko ba shi da shi, magana takan tsaya a kan wata 'yar tambaya: yaushe takardar ta shiga hannunsa? Mai kamfani ya ce ya aika tun farkon wata. Ma'aikacin ya ce shi dai bai ga komai ba, wata rana ce kawai ya zo aiki maigadi ya tare shi a bakin ƙofa. Kowannensu yana iya rantsuwa, kuma wani lokaci duk su biyun gaskiya suke faɗa, domin takardar tana can cikin aljihun wani direba ko a ƙarƙashin littafin maigadi.

Wannan jagora na rubuta ta ne saboda masu ƙananan masana'antu da makarantu masu zaman kansu da shagunan magani a Najeriya, waɗanda ba su da lauya a ofis amma suna ɗaukar ma'aikata suna sallama. Ma'aikacin da ke son ajiye aiki shi ma zai amfana, domin hanyar ɗaya ce.

Ranar da aka rubuta da ranar da aka karɓa

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adin da za a ba juna kafin a rabu. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, kwana ɗaya. Wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Wanda ya yi shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Dokar ta ce duk wa'adin da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka ba da sanarwar ba ta shiga lissafi. Wannan doka ta shafi leburori ne da masu aikin akawu. Manajoji da ƙwararru, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ake bi, kuma ko ga ƙaramin ma'aikaci, idan yarjejeniyarsa ta ba shi wa'adin da ya fi na doka tsawo, ita za a bi.

To amma wa'adi ba ya fara tafiya don kawai an buga takarda an sa mata kwanan wata. Sanarwar da mutum bai sani ba, ai ba ta sanar da shi komai ba. Lissafi yana ɗauko tushe ne daga ranar da takardar ta isa gare shi. Kuma ƙa'idar shari'a, kamar yadda sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, ita ce wanda ya yi iƙirari shi zai tabbatar da shi. Kai ne ka ce ka ba shi takarda, don haka a wuyanka nauyin yake.

Kotun Ƙoli ta daɗe da nuna hanyar sauke wannan nauyi. A shari'ar Nlewedim da Uduma a 1995, ta bayyana cewa idan wani ya musanta karɓar takarda, ana iya tabbatarwa ta littafin aike da ke nuna an karɓa, ko ta shaidar an aika da rajista a gidan waya, ko ta bakin shaidu amintattu da suka ga an miƙa. Duk abin da zan faɗa a nan gaba, ƙoƙari ne na ganin kana riƙe da aƙalla biyu daga cikin ukun nan.

Mu ɗauki misali

A ce kana da masana'antar ruwan leda a Sharaɗa a Kano, kuma kana da mai kula da sito wanda ya shekara shida tare da kai, albashinsa naira 80,000 a wata. Kasuwa ta ja baya, ka yanke shawarar sallamarsa. Wa'adinsa wata ɗaya ne. A lokacin yana hutu a gida, sai ka rubuta takarda ranar Litinin 3 ga Maris, ka ce aikinsa zai ƙare 3 ga Afrilu, ka ba direban motar rabon ruwa ka ce ya biya ya miƙa masa. Direba ya je bai same shi ba, ya ba wani yaro a zaure ya ce a shiga da ita. Ka tambaye shi da yamma, ya ce an kai. Hankalinka ya kwanta.

Bayan wata goma sai ga sammaci daga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce tsarin mulki ya ba hurumin irin waɗannan ƙararraki, kuma tana da reshe a Kano. Lauyansa ya ce ba a taɓa ba shi wata takarda ba, hana shi shiga kawai aka yi, saboda haka har yanzu ma'aikacinka ne, kuma yana bin ka albashin wata goma, naira 800,000, ban da diyya. Ko kotu za ta ba shi duka ko wani sashe, wannan ya danganta da hujjojin da aka gabatar. Kai me ke hannunka? Kwafin takardar da ke cikin kwamfutarka yana nuna ka rubuta ne kawai. Direban kuwa ya bar aiki tun bara, lambarsa ba ta shiga. Ko da an samo shi, abin da zai iya faɗa shi ne ya ba wani yaro da bai san sunansa ba.

Yanzu a sake labarin. Ka rubuta ranar Litinin 3 ga wata, ka kai ofishin kamfanin isar da saƙo ranar Talata 4, suka miƙa masa hannu da hannu ranar Alhamis 6, ya sa hannu. Lissafi zai fara daga Juma'a 7 ga Maris, wata ɗaya ya cika 6 ga Afrilu. Ka ga ko da takardar ta isa lafiya, kwanan watan da ka sa na 3 ga Afrilu ya gaza da kwana uku, kuma wannan kaɗai ya isa a ce wa'adinka bai cika ba. Maganin abin mai sauƙi ne: ka bar sarari. Rubuta cewa aikin zai ƙare 15 ga Afrilu, ko ƙarshen watan ma. Albashin 'yan kwanakin da ka ƙara bai kai kuɗin zaman lauya na rana ɗaya ba.

Hannu da hannu ya fi komai

Idan ma'aikacin yana zuwa aiki, babu dalilin aika masa saƙo ta bayan gida. Ka kira shi ofis, ka yi masa bayani baki da baki, sannan ka miƙa takardar. Mutumin da ya ba ka shekara shida na rayuwarsa ya cancanci ya ji daga bakinka, kuma na lura wanda aka sallama cikin mutunci ba kasafai yake neman lauya ba.

Ka buga kwafi biyu iri ɗaya, ka sa hannu a kan duka biyun. A ƙasan wanda zai zauna a wurinka, ka bar fili inda zai rubuta da hannunsa cewa ya karɓi asalin wannan takarda, sai cikakken sunansa da kwanan wata da lokaci da sa hannu. Shi zai rubuta kwanan watan, ba kai ba, kuma ba akawunka ba. Idan takardar ta wuce shafi ɗaya, ya sa hannu a kowane shafi. Idan bai iya karatun boko ba, a karanta masa a fassara masa da Hausa, ya dangwala babban yatsa, wanda ya fassara kuma ya rubuta sunansa da bayanin cewa ya karanta masa ya fahimta. A samu mutum na uku a ɗakin, kuma gara ya kasance wanda za a iya samu bayan shekara uku, ba ɗan aikin wucin gadi ba.

Da yawa sukan ƙi sa hannu, kuma ina ganin uzurinsu, domin suna tsoron kada sa hannun ya zama sun amince da laifin da aka ɗora musu. Ka cire masa wannan tsoro ta hanyar ƙara layi ɗaya da ke cewa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa da abin da ke ciki ba. Idan duk da haka ya ƙi, kada ka tilasta masa, kada kuma ka hana shi fita. Nan take ka rubuta a kan kwafinka cewa an miƙa masa a rana kaza da ƙarfe kaza ya ƙi sa hannu, kai da shaidarka ku sa hannu, sannan a ranar ka aika masa wani kwafin ta hanyar da ake iya bin sawunta.

Ofisoshin da suka san aiki suna da littafin masinja, wani dogon littafi mai bango mai tauri da aka ja wa layuka: kwanan wata, lambar takarda, sunan wanda aka aika wa, sunan mai karɓa, sa hannunsa. Ƙarfinsa a gaban kotu yana cikin jerinsa ne. Idan takardarka tana tsakanin wadda aka kai banki da safe da wadda aka kai ofishin haraji da rana, kowacce da hannun mai karɓarta daban, da wuya a ce daga baya aka cusa ta. Littafin da aka sayo jiya aka rubuta layi ɗaya tak a ciki ba shi da wannan nauyi.

Idan sai an aika

Abu na farko, ka buɗe takardar ɗaukarsa aiki ka duba ko ta faɗi yadda za a riƙa isar da sanarwa. Idan ta ce da rajista a gidan waya, to da rajista za ka aika, ko da kana ganin wata hanyar ta fi sauri. Kana iya ƙarawa da wata, amma kada ka bar wadda aka rubuta.

Idan ba ta ce komai ba, zaɓinka biyu ne: wasiƙar rajista ko saƙon gaggawa na EMS a gidan waya na NIPOST, ko kuma kamfanin isar da saƙo mai lasisi irin su DHL da Red Star Express da GIG Logistics. Abin da kake saye a wurinsu shi ne lamba ta musamman da ke bin ambulan ɗin daga kanta har zuwa hannun mai karɓa, da kuma shaidar wani da ba shi da ruwa a rigimarku. Saƙon tasha, wanda ake ba direba ko ɗan kamasho a rubuta lambar waya a bayan ambulan, yana da kyau wajen aika atamfa ko kayan gyaran mota. Bai dace da wannan takarda ba, domin babu wanda zai tuna wa ya karɓa.

Adireshin da za ka sa shi ne wanda ma'aikacin ya bayar da kansa a fayil ɗinsa. A nan ne namu yanayin ke da wuya. A cikin birni da unguwanni da yawa gidaje ba su da lamba, kwatance ake yi: layin mai unguwa, bayan masallacin Juma'a, gida na uku mai jar ƙofa. Ka rubuta kwatancen a cike, ka sa lambar wayarsa, domin mai kai saƙon kiransa zai yi. Sannan a gidajenmu baƙo namiji ba ya wuce zaure, yaro ake turowa ya karɓa, kuma ta nan takardu ke salwanta. Ka faɗa wa ma'aikacin kanta, a kuma rubuta a jikin takardar aiken, cewa mai sunan kaɗai za a ba. Idan kana da adireshinsa biyu, na gari da na ƙauye, aika duka biyun.

Akwai wani rami da ko masu taka-tsantsan sukan faɗa. Rasit ɗin kamfanin saƙo yana tabbatar da cewa ambulan ya tafi, amma bai faɗi abin da ke cikinsa ba. A gurbin bayanin kaya yawanci kalma ɗaya suke rubutawa, Document, shi ke nan. Mutum yana iya cewa, eh, ya karɓi ambulan, amma takardar lissafin albashi ya gani a ciki. Saboda haka sai ka ɗaure takardar da ambulan ɗin. Ka ba takardarka lamba a samanta, ka sa a rubuta wannan lambar da kalmomin takardar sallama a gurbin bayanin. Kada ka liƙe ambulan daga ofis. Ka je da shi a buɗe, a kan kanta ka rubuta lambar bin sawun a saman asalin takardar da kuma kwafinka, ka ɗauki hoton takardar tare da rasit ɗin gefe da gefe, sannan a liƙe a gaban wanda ya raka ka. Aikin minti biyar ne.

Bayan an aika

Kada ka jefa rasit a durowa ka manta. Kowace rana ka shiga shafin kamfanin ka sa lambar. Idan ka ga Delivered, ka adana shafin a matsayin PDF, ka kuma buga shi a takarda a ranar, domin kamfanonin ba sa barin wannan bayani a shafinsu har abada. Sannan ka koma ofishinsu ka nemi takardar shaidar isarwa, wadda ma'aikatansu ke kira POD, mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa da lokaci. Ka karanta sunan da kyau. Idan ka ga an rubuta maigadi, ko sunan da ba ka sani ba, ko wani ɗan zane da ba ya karantuwa, to shaidarka tana da rauni. Ka sake aikawa, ka kuma gyara ranar ƙarewar aikin ta dace da sabon lissafi.

Idan ambulan ya dawo saboda an ƙi karɓa ko ba a sami mutumin ba, kada ka buɗe shi. Ka ajiye shi a liƙe yadda ya zo, da duk rubutun da mai kai saƙon ya yi a bayansa. Ambulan da aka buɗe a gaban alƙali aka ga takardar a ciki, da bayanin ranar da aka ƙi karɓa a jikinsa, shaida ce mai ƙarfi cewa ka yi iyakar ƙoƙarinka. Wanda ka yage a ofis ya zama takarda kawai.

Mutane da yawa yanzu sun dogara da WhatsApp da imel. Ina amfani da su, amma a matsayin rakiya. A ranar da ka aika ambulan, ka tura masa hoton takardar da lambar bin sawun, ka roƙe shi ya amsa. Ko amsar fushi ya turo, ta nuna ya gani. Shuɗayen alamomin nan biyu na WhatsApp ba abin dogaro ba ne, tunda ana iya kashe su, kuma mutum yana iya cewa wayar tana hannun ƙaninsa. Ban da haka, duk abin da ya fito daga waya ko kwamfuta sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida kafin kotu ta karɓa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da aka fitar da shi da yadda aka fitar. Wannan ya shafi shafin bin sawun da ka buga ma. Don haka ka rubuta a gefe wace waya ko kwamfuta aka yi amfani da ita, wa ya buga, a wace rana. Hirar kuma ka fitar da ita gaba ɗaya ta Export chat ka tura wa imel ɗinka, kada ka tsaya ga hoton allo guda.

Fayil ɗin da zai rayu

Na taɓa buɗe wani fayil ina neman rasit ɗin aike da aka ajiye shekara biyu da suka wuce. Yana nan inda aka maƙala shi, amma ya koma fari fat, sai inuwar tambarin kamfanin a sama. Irin takardar nan ce mai santsi ta injin POS, wadda zafi ne ke fito da rubutunta, zafi ne kuma ke goge shi. A durowar ƙarfe cikin bazarar Kano, 'yan watanni sun ishe ta. Tun daga ranar, duk rasit irin wannan da ya shigo hannuna sai na yi masa kwafi a ranar, na maƙala asalin a bayan kwafin. Kada a manna masa salatif a kan rubutun, kada kuma a kai shi a liƙe shi da roba mai zafi, domin baƙi ƙirin zai koma.

A cikin fayil ɗaya ka tara kwafin takardar mai sa hannunka, da takardar ɗaukarsa aiki, da shafin da ya rubuta adireshinsa, da rasit da kwafinsa, da shafin bin sawu, da takardar shaidar isarwa, da hoton shafin littafin masinja. Idan kuɗi ka biya a madadin wa'adi, ka sa shaidar banki a ciki, kuma ka tabbata biyan ya tafi tare da takardar. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta ce kuɗin madadin wa'adi a lokacin sallamar ake biyansa, alƙawarin za a biya daga baya bai wadatar ba. Ranar da ke jikin shaidar bankin da ranar da ke jikin shaidar isarwa za a ɗora su gefe da gefe.

Wanda ya kai takardar da hannunsa, ko ya shaida miƙa ta, ya rubuta ɗan bayani a ranar: inda ya je, ƙarfe nawa, wa ya gani, me aka ce. Idan kana jin ƙamshin rigima, ka kai shi rajistar kotu ya mai da bayanin takardar rantsuwa tun abin yana sabo a kansa. Duk fayil ɗin a ɗauki hotonsa a ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajen ofis, saboda gobara da gara da satar waya. Kada a zubar kafin shekara shida, domin wa'adin shigar da ƙara kan yarjejeniya a jihohin Najeriya yawanci shekara biyar ne ko shida.

Kai kuma ma'aikaci, idan kai ne ke ajiye aiki, ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin ofis da kwanan wata a kan naka kafin ka bar wurin. Idan an ƙi karɓa, ka wuce gidan waya ko ofishin saƙo a ranar. Idan kuma kai aka miƙa wa takardar sallama, ƙin karɓa ba ya hana ta aiki, sai dai ya bar ka ba ka san abin da aka rubuta a kanka ba. Ka karɓa, ka rubuta ainihin ranar da lokacin da ta shiga hannunka, ka ƙara cewa ka karɓa ne ba tare da amincewa da abin da ke ciki ba, sannan ka ɗauki hoton shafin da ka sa wa hannu kafin ka miƙa musu.